Allo ya ce "A SAYO" alhali sito cike yake da kaya

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a shagunan da suka mai da lissafin kayansu cikin kwamfuta. Yaron shago zai dubi allo ya ga layin taliya ya yi ja, an rubuta A SAYO, ya leƙa sito ya tarar da katan-katan jibge sun kusa kai masa kafaɗa, sai ya ce na'ura ta rikice. Wata rana kuma sukari ya ƙare ƙaf, mai saye na tsaye da kuɗinsa a hannu, allo kuwa fari fat, ko uffan bai ce ba. Nan ma a ce na'ura ce. A karo na farko na'urar gaskiya ta faɗa, yaron ne bai san abin da take nufi ba. A karo na biyu kuwa ƙarya aka zuba mata, ita ma ta mayar da ƙarya.

Bari mu ɗauki misalin shagon kayan masarufi a gari kamar Haɗeja, wanda ke sarin kayansa daga kasuwar Singa a Kano. Yana da maigida, da akanta, da yara huɗu ko biyar masu sayarwa da shigar da ciniki. Lissafin kayan yana cikin manhajar Excel, kowane kaya da layinsa. Adadin da za mu yi aiki da su na misali ne, kowane shago da nasa. Ga irin gajeriyar takardar da akanta mai sanin aikinsa zai rubuta ya manna kusa da kwamfuta:

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Game da jan layin nan da ake ta tambayata. In kun ga A SAYO, ba cewa aka yi kaya ya ƙare ba. Ana nufin abin da ya rage ba zai wuce ya kai mu ranar da sabon kaya zai iso daga Kano ba, sai ɗan abin da muka ware saboda tsaro. Kwamfuta tana duba lambobi biyu ne kawai: Saura da Iyaka. In Saura ya sauko ya kai Iyaka ko ya yi ƙasa da ita, sai ta kunna. Ba ta ganin sito, abin da kuka rubuta take gani. Don haka ina roƙonku abu huɗu. Duk abin da ya fita a rubuta shi a ranar, ko bashi ne, ko na gidan Alhaji ne, ko ɓera ne ya ɓata shi. A rubuta lamba zalla, kada a haɗa da kalma. A rubuta da katan, ba da leda ba. Kada kowa ya taɓa Saura, Iyaka da Gargaɗi, su ke lissafa kansu. In layi ya yi ja, ku ƙirga kayan a sito ku faɗa mini a ranar, ba gobe ba. Allah ya ba mu sa'a."

Takardar ke nan, ba ta cika rabin shafi ba. Amma kowace jimla a cikinta akwai dalili a bayanta, kuma wanda ya gane dalilin ba sai an tsaya a kansa ba.

Yadda teburin yake

Ga wanda bai taɓa buɗe Excel ba, abin tebur ne mai gidaje-gidaje. Layukan tsaye suna da haruffa a samansu, A, B, C har zuwa gaba. Layukan kwance suna da lambobi a gefe. Kowane gida ana kiransa da harafinsa da lambarsa, wato E2 shi ne gidan da layin tsaye na E ya haɗu da layin kwance na biyu. Layi na ɗaya na sunaye ne, taliya kuma tana layi na biyu.

A shagon namu, A na ɗauke da sunan kaya. B shi ne abin da aka ƙirga a sito ranar ɗaya ga wata, C abin da ya shigo tun daga ranar, D abin da ya fita. E shi ne Saura, kuma ba mutum ke rubuta shi ba, wannan ce ke fitar da shi:

```
=B2+C2-D2
```

An wayi garin ɗaya ga wata da katan 20 na taliya, mota ta kawo 100, an sayar da 83. Saura 37. Babu wani abu a nan da ya fi ƙarfin ɗan firamare. Inda tunani yake shi ne lamba ta biyu, wato Iyaka.

Daga ina Iyaka ta fito

Yawancin masu shago in ka tambaye su yaushe suke sake sari, za su ce in kaya ya yi ƙasa. To nawa ne ƙasa? Katan 10 na sabulun da ake sayar da ɗaya a mako kaya ne na wata biyu da rabi. Katan 10 na taliyar da ake sayar da shida a rana ba za su ga faɗuwar ranar gobe ba. Shi ya sa akantan bai sa lamba ɗaya ga kowane kaya ba. Tambayar da yake yi ta kwanaki ce: daga yau da na gane ina bukatar kaya zuwa ranar da zai hau kanta, nawa za a saya a hannuna?

Wannan tambaya tana bukatar abu biyu. Na farko, nawa ke fita a rana, shi ne F, kuma ga taliya 6 ne. Na biyu, kwana nawa kaya ke yi kafin ya iso, shi ne G. A nan ne mutane suka fi yaudarar kansu, domin sai su ƙirga tafiyar mota kaɗai, su ce ai Kano zuwa Haɗeja yini guda ne. Amma bi abin daki-daki. Ranar da layi ya yi ja, sai an faɗa wa akanta, shi ya faɗa wa Alhaji, Alhaji ya duba aljihu ya kira dila ya tura kuɗi. Yini ya tafi. Washegari dila ya haɗa kaya, 'yan dako su kai wurin lodi. Direba kuma ba zai tashi da kayanka kai kaɗai ba, sai mota ta cika. Rana ta uku a hanya. Ya iso da dare, sai da safe a sauke, a ƙirga, a shigar. Kwana 4 ke nan in komai ya tafi daidai, kuma 4 ɗin ne ya kamata a rubuta a G, ba 1 ba.

Katan 6 sau kwana 4, 24. Ma'ana, in aka yi oda lokacin da taliya ta rage 24, katan na ƙarshe zai fita a daidai lokacin da mota ke tsayawa a ƙofar shago. Sai dai kasuwa ba ta tafiya a kan zare haka. Mota kan lalace, damina kan ɓata hanya, dila kan ce kayan sai jibi, ko wata mai abincin biki ta zo ta kwashi katan 10 a tashi ɗaya. Saboda irin wannan ne ake ƙara H, ajiyar tsaro. Akantan ya sa cinikin kwana biyu, wato katan 12. Sai Iyaka, a gidan I2, ta zama:

```
=F2*G2+H2
```

Tauraron nan alamar sau ce. 6 sau 4, a ƙara 12, ya ba da 36. Duk wanda ya taɓa tuƙa babur ya san wannan dabara: in ka juya makullin mai zuwa rizab, ba wai tanki ya bushe ba ne, an bar maka abin da zai kai ka gidan mai ne, in ba ka tsaya yawo ba.

Sai gargaɗin kansa, a gidan J2:

```
=IF(E2<=I2,"A SAYO","")
```

In aka karanta shi da Hausa, cewa yake yi: idan abin da ke E2 bai wuce abin da ke I2 ba, rubuta A SAYO, in ya wuce, bar gidan fanko. Waƙafi biyu ne suka raba shi gida uku: sharaɗi, abin da za a yi in sharaɗin ya cika, da abin da za a yi in bai cika ba. Alamun zance biyun nan na ƙarshe da babu komai a tsakaninsu su ne "kada ka ce komai".

Yanzu Saura 37, Iyaka 36, gidan fanko. Wani ya shigo ya sayi katan ɗaya, yaro ya mai da D2 daga 83 zuwa 84, Saura ya zama 36, nan take A SAYO ya fito. Ga asalin gardamar da muka fara da ita: katan 36 tuli ne babba a ido, amma cinikin kwana shida ne kacal, huɗu daga ciki kuma na jiran mota ne. Yaron da ya ce bari sai ya ƙara raguwa, ya yi shiru kwana biyu, ya cinye ajiyar tsaron gaba ɗaya ba tare da ko taya ɗaya ta fashe a hanya ba.

Alamar daidai da ke manne da ta ƙasa, wato `<=`, ba ado ba ce. Da `<` kaɗai aka sa, a 36 ba zai kunna ba sai a 35. Ga taliya bambancin katan ɗaya ne, ba a bakin komai ba. Amma ga kayan da Iyakarsa 1 ce, kamar babbar jarkar man gyaɗa da ake sayar da ɗaya jefi-jefi, `<` zai jira har sai ta zama sifili kafin ya yi magana, lokacin kuwa maganar ba ta da amfani.

Jan launin shi dabam aka saita shi, ta wurin da Excel ke kira Conditional Formatting, kuma bin kalmar yake yi. Yakan faru a kwafo wani gida daga wani wuri a manna, launi ya ɓace, kalmar na nan. Don haka kalmar ce abin dubawa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke aiki da Excel na Faransanci kuma za su ga `SI` a maimakon `IF`, da `;` a maimakon waƙafi. Lissafin ɗaya ne.

Abin da ke kashe gargaɗin a ɓoye

Kuskuren da ke ihu ba shi ne abin tsoro ba. In yaro ya rubuta "84 ktn" a gidan D2, Excel ba zai iya ɗebe kalma daga lamba ba, sai Saura ya nuna `#VALUE!`, Gargaɗi ma ya nuna haka. Kowa zai gani, a gyara cikin minti ɗaya. Mugun kuskure shi ne wanda ke barin allo tsaf kamar lafiya lau.

Ga wanda ya fi kowanne yawa. Yaro mai himma ya shiga sito ya ƙirga taliya ya samu 50, allo kuma na cewa 53. Don ya taimaka, sai ya danna gidan Saura ya rubuta 50. Daga wannan lokaci fomular ta mutu, lamba ce kawai zaune a gidan. Za a yi ta sayarwa, D yana ta hawa, Saura yana nan a 50 daram, kuma tunda 50 ta fi 36, gargaɗi ba zai taɓa fitowa ba har a share ƙasan sito. In kuma ya ƙara da kalma, ya rubuta "10 katan" a gidan Saura, abin ya fi muni, domin wajen kwatantawa Excel yana ɗaukar kowane rubutu a matsayin wanda ya fi kowace lamba girma. Goma ce a idonka, amma a wurinsa ba ta yi ƙasa da 36 ba, sai ya yi shiru.

Gane wannan ba wuya. Danna gidan Saura ka dubi dogon layin da ke saman tebur. In abin da ke ciki ya fara da `=`, fomula na da rai. In lamba ce tsirara, wani ya taka ta. Wata alamar kuma: in ba a sauya saiti ba, lamba tana jingina da gefen dama na gida, rubutu kuma da gefen hagu. Duk lambar da ka ga ta koma hagu ita kaɗai a cikin 'yan'uwanta, ka tuhume ta. Gyaran shi ne a kwafo fomular daga layin da ke sama ko ƙasa a manna, Excel da kansa zai sauya lambar layin.

A ganina akantan da ya tsaya a roƙo kawai bai gama aikinsa ba. Excel na da Protect Sheet: a buɗe gidajen da yara ke rubutu a ciki, C da D, a kulle sauran. Akwai kuma Data Validation, wanda za a saita ya ƙi karɓar komai sai lamba. Aikin minti goma ne, kuma ya fi faɗa da yaro bayan ɓarna ta auku. Sai dai a sani, Data Validation yana tare abin da aka buga da hannu ne, abin da aka kwafo aka manna yakan wuce shi.

Na biyu shi ne sabon kaya. An kawo wani sabon omo, an buɗe masa layi, an rubuta abin da ya shigo, amma ba a cike F, G da H ba domin ba a san yadda zai tafi ba tukuna. Gidan da babu komai Excel yana lissafa shi sifili ne, don haka Iyaka ta zama 0, gargaɗi kuma sai ranar da kayan ya ƙare. Gara a sa kintace, ko da daga wani kaya mai kama da shi ne, a gyara bayan mako biyu. Duk layin da Iyakarsa ke nuna 0, layi ne marar mai gadi.

Na uku ma'auni. Katan ɗin taliya mai rabin kilo leda 20 ne a ciki. Shagon da ke sayar da katan kuma yana fasa katan ya sayar da ɗaiɗai dole ya zaɓi harshe ɗaya. In layin da katan ake lissafa shi, wanda ya sayar da leda 5 zai ƙara 0.25 ne, rubu'in katan, ba 5 ba. In ya ƙara 5, ya cinye katan biyar a takarda, gargaɗi ya kunna tun lokaci bai yi ba, Alhaji ya saro kayan da ba ya bukata. In kuma mai karɓar kaya ne ya rubuta leda 2,000 a maimakon katan 100, Saura zai kumbura, layin ya yi barci wata da watanni. Shagon da cinikin ɗaiɗai ya yi masa yawa, ya fi masa sauƙi ya mai da layin gaba ɗaya zuwa leda, har da F da H.

Sai kayan da ke fita ba ta hanyar ciniki ba, kuma a nan ne al'adarmu ke shigowa. An aiko daga gida a ba da katan ɗaya. Maƙwabcin shago ya ari biyar zai mayar in nasa ya iso. Wani aminin Alhaji ya ɗauka bashi, an rubuta a littafin bashi amma ba a shigar a kwamfuta ba tunda kuɗi bai shigo ba. Ruwa ya jiƙa na ƙasa. Ba wanda ya yi sata a cikinsu, amma kowane ɗaya yana sa Saura ya fi gaskiya yawa. Katan 12 na tsaro ba su da wuyar narkewa ta wannan hanya, allo na cewa 40, sito na cewa 28. Teburin nan ba na kuɗi ba ne, na kaya ne. Duk abin da ya ƙetare ƙofa ya shiga D ko an biya ko ba a biya ba. Akasin haka ma yana faruwa: in ka ga Saura ya koma ƙasa da sifili, kamar -8, kusan kullum mota ce ta kawo kaya aka fara sayarwa ba a shigar da shi a C ba.

In an riga an yi oda fa?

Fomular da muka gani tana da gurgunta ɗaya da duk shagon da ya yi mako guda da ita zai ci karo da ita. An ga A SAYO ranar Litinin, an tura kuɗi. Talata layin na nan ja, Laraba ma haka, domin kayan bai iso ba, Saura kuma sai ƙara sauka yake yi. Ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai wani da bai san an yi oda ba ya sake kiran dila a kawo kaya ninki biyu, ko kuma, wanda ya fi yawa, yara su saba da ganin ja har su daina kula shi.

Maganin shi ne a ƙara layin tsaye ɗaya, K, mai suna A Hanya, inda akanta ke rubuta abin da aka biya amma bai iso ba. Sai gargaɗin ya koma haka:

```
=IF(E2>I2,"",IF(E2+K2>I2,"YANA HANYA","A SAYO"))
```

Tambaya biyu ce a jere. Shin Saura ya fi Iyaka? In e, shiru. In a'a, to in aka haɗa da na hanya ya fi ta? In e, a rubuta YANA HANYA. In a'a, A SAYO. Da Saura 30, na hanya 100, jimla 130, allo zai ce YANA HANYA, kowa ya kwantar da hankalinsa. Amma wannan gyara ya zo da nasa tarkon. Ranar da mota ta sauke kaya, dole a ƙara 100 ɗin a C a kuma goge shi daga K a zama ɗaya. In aka manta shi a K, wata mai zuwa taliya za ta sauko ƙasa, allo na ta cewa YANA HANYA, alhali babu motar da ta taso daga Kano.

Lambar da ke tsufa

Fomula ba ta tsufa, amma 6 ɗin nan da ke gidan F tana tsufa. An same ta ne ta raba cinikin kwanakin baya da yawan kwanakin, kuma ko a rabawar akwai wurin tuntuɓe. A ce cikin kwana 30 an sayar da katan 144. In ka raba da 30 za ka samu 4.8. Amma in a cikin kwanakin nan akwai 6 da taliya ta yanke babu ita a shago, to cinikin na kwana 24 ne, kuma 144 a raba da 24 shi ne 6. Wanda ya yi aiki da 4.8 zai samu Iyaka wajen 31 maimakon 36, ya yi oda a makare, kaya ya sake yankewa, lissafin wata mai zuwa ya sake raguwa. Haka shago ke koya wa kwamfutarsa cewa mutane ba sa son kayan da a gaskiya nema suke suna rasawa. Kwanakin da kaya yake a kanta kaɗai ake rabawa da su.

Babbar jarrabawar wannan lamba kuwa azumi ne. Ɗauki sukari. A sauran watanni shagon na sayar da buhu 2 a rana, kaya na isowa cikin kwana 5, ajiyar tsaro buhu 4, Iyaka 14. Azumi ya kama, kunu da shayi da lemon buɗa-baki da sadaka suka ɗaga ciniki zuwa buhu 5 a rana. In ba a taɓa F ba, gargaɗi zai jira sai an sauko 14, buhu 14 kuwa ba su cika cinikin kwana uku ba, mota kuma sai bayan kwana biyar. Fiye da kwana biyu ke nan babu sukari a shago, a watan da ya fi kowanne cinikinsa. Fomula ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, da lissafin Sha'aban take aiki. Da an mai da F zuwa 5, H zuwa 10, Iyaka za ta zama 35, a yi oda da sauran lokaci. Kuma gyaran tun kafin a ga wata ake yinsa, da aƙalla kwanakin da kaya ke yi a hanya, domin a irin wannan lokaci kowa na Singa yana lodi, G ma kan ƙaru.

Wanda zai duba littafin bara don ya kintaci na bana ya tuna cewa azumi yana matsowa gaba da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara a kalandar Bature. Ramadan ake kwatantawa da Ramadan, ba Maris da Maris ba. Bayan salla kuma a tuna a sauke lambar, in ba haka ba allo zai yi ta neman a tara buhu 35 a lokacin da 14 sun isa.

Wannan ya kawo mu ga jayayyar da akanta da maigida ba sa rabuwa da ita, wato girman H. Yaran shago suna son ta da yawa, domin su ne ke jin kunyar cewa "babu". Alhaji yana son ta kaɗan, domin kowane katan da ke kwance a sito kuɗinsa ne da bai juya ba, ga haya, ga ɓera, ga kayan da ke da ranar lalacewa kamar madara. Duka biyun suna da gaskiya, kuma babu fomular da za ta raba su. Abin da ya fi dacewa shi ne kada a yi wa kowane kaya kuɗin goro. Kayan da mutum ke shigowa dominsa, in bai samu ba ya tafi da sauran cefanensa wani shago, kamar sukari, mai da taliya, a ba shi tsaro mai kauri. Kayan da ake iya ɗaukowa a maƙwabta cikin minti biyar, ko wanda dila ke kawowa har ƙofa kowane mako, kaɗan ya ishe shi.

Haka kuma gargaɗin yaushe kawai yake faɗa, ba ya faɗin nawa. Ko a saro katan 50 ko 200, wannan magana ce ta kuɗin da ke hannu, da kuɗin mota, da faɗin sito, da ko ana jin farashi zai tashi. Abu ɗaya dai da teburin zai nuna shi ne in odar ta yi kaɗan: wanda Saura ke 30 ya yi odar katan 5, allo zai ci gaba da cewa A SAYO, tunda 35 ba ta haye 36 ba.

Saura jimlar ƙarshe ta takardar, wadda ta ce in layi ya yi ja a ƙirga kayan. Ƙirga shago gaba ɗaya aiki ne na yini guda da rufe ƙofa, shi ya sa ake yinsa sau ɗaya a wata ko ma ƙasa da haka. Amma ƙirga kaya ɗaya a ranar da ya yi ja aikin minti biyar ne, lokacin ne ya fi ƙanƙanta, lokacin ne kuma kuskure ya fi tsada. In allo ya ce 36 aka samu 33, ba a taɓa Saura. Akanta zai ƙara 3 a D, ya rubuta a gefe cewa giɓin ƙidaya ne da kwanan wata, sannan a bi littafin bashi da na aike a ga inda ukun suka shiga. In aka samu 41, sai a duba ko wani ya rubuta leda a matsayin katan, ko an shigar da ciniki ɗaya sau biyu, kafin a kira dila.